Sunayen waɗanda suka biya kuɗin jarrabawa sun ƙi daidaita da rajistar aji, ina kuskurena?

Malama_Rabi:
Assalamu alaikum jama'a. Ina neman taimakon masana Excel da ke cikinmu. Ni ce aka ɗora wa tantance ɗalibanmu na ajin ƙarshe da suka biya kuɗin jarrabawa. Sunayen 'yan aji duka suna kolum A, su 212, daga A2 zuwa A213. Jerin da mai karɓar kuɗi ya ba ni yana kolum D, mutum 187, daga D2 zuwa D188. Abin da nake so kawai, a gaban kowane suna in ga ko yana cikin jeri na biyu ko ba ya ciki. Wani ya rubuta mini wannan a takarda, na sa a B2 na ja har ƙasa:

```
=ISNUMBER(MATCH(A2,D2:D188))
```

To abin da ya fito ya ɗaure mini kai. Akwai yaron da mahaifinsa ya zo da kansa ya nemi a ɗaga masa ƙafa zuwa ƙarshen wata, na tabbata bai biya ba, amma ga TRUE a gaban sunansa. Can ƙasa kuwa, daga wajen layi na 189 har ƙarshe FALSE ne a jere, alhali akwai waɗanda na ga rasiɗinsu da idona. Ranar Litinin za a kira iyayen waɗanda ba su biya ba, kuma ba na so a kira wanda ya riga ya sauke nauyinsa.

Dan_Fagge:
Wa alaikumus salam Malama. Ki jera duka biyun daga A zuwa Z ki bi su da ido mana, ai ɗari biyu ba yawa.

Malama_Rabi:
Haka na yi bara, na kwana biyu ina yi, kuma sai da na tsallake yara uku. Ga shi kullum sai an ƙaro sababbin da suka biya.

Injiniya_Sani:
Malama, fomular da aka ba ki ita ce ta wannan aikin, abu biyu ne suka faɗi a hanya. Ga yadda ya kamata ta zama:

```
=ISNUMBER(MATCH(A2,$D$2:$D$188,0))
```

Bari in fara da sifirin nan na ƙarshe, don rashinsa ne ya wanke yaron da bai biya ba. Aikin MATCH shi ne ya ɗauki sunan da ke A2 ya bi kolum D, in ya same shi ya faɗa miki na nawa ne a jerin. In na 14 ne sai ya ba ki 14. In bai gan shi ba sai ya ba ki #N/A. Shi kuma ISNUMBER tambaya ɗaya yake yi: abin da ya dawo lamba ce? In lamba ce ya ce TRUE, in #N/A ce ya ce FALSE.

Sifirin shi ke cewa a nemo sunan daidai da daidai. In kika bar wurin ba komai, Excel zai ɗauka 1 kike nufi, ma'ana in bai sami sunan ba ya kawo na kusa da shi ta baya. Misali jerinki Bala, Habiba, Musa ne, kika nemi Ladi. Babu Ladi, amma L tana tsakanin H da M, sai ya tsaya kan Habiba ya ba ki 2. Biyu kuwa lamba ce, sai ISNUMBER ya ce TRUE. Wannan ma in jerin a tsare yake ke nan bisa haruffa. Na mai karɓar kuɗi kuwa bisa ranar biya aka rubuta shi, don haka abin da zai fito ba shi da kan gado sam.

Na biyu alamar dala. Da kika ja fomular ƙasa, D2:D188 ta riƙa saukowa tare da ke. Ki danna B50 ki duba, za ki ga ta koma D50:D236, wato sunaye 48 na farko sun fita daga binciken. A layi na 189 kuwa ta riga ta wuce jerin gaba ɗaya, akwatunan da ba kowa take dubawa. FALSE ɗin da kika gani a jere ke nan. Dalar tana kafe wurin ya daina motsi. In kin zaɓi D2:D188 a cikin fomular kika danna F4, da kansa zai sa miki su.

Malama_Rabi:
Wallahi haka ne, na duba B50 na ga D50:D236. Allah ya saka da alheri Injiniya. Na gyara, yaron nan ya koma FALSE. Sai dai har yanzu da sauran rina a kaba. In an cire 187 daga 212 saura 25, ni kuwa FALSE 41 nake gani.

Abu_Khadija:
Manyan baƙaƙe ne matsalar. Na tabbata mai kuɗin naku da manya ya rubuta nasa, ke kuma kin rubuta da ƙanana. Ki mayar da su duka iri ɗaya da UPPER.

Injiniya_Sani:
A'a Abu Khadija, MATCH ba ruwansa da babban baƙi ko ƙarami. MUSA da Musa abu ɗaya ne a wurinsa. Ka gwada a akwati biyu ka gani. Amma ka kusa, don lallai bambancin rubutu ne, sai dai irin wanda ido ba ya kamawa.

Abu_Khadija:
Na gwada, gaskiyarka ne. Ashe shekara da shekaru ina wahalar da kaina a banza da UPPER ɗin nan.

Hajiya_Turai:
'Yata, ki ɗauki suna ɗaya da kika tabbata yana cikin jerin biyu amma ya ba ki FALSE. Ki ƙirga haruffansa a nan da can da LEN, kamar haka `=LEN(A17)`, sannan ki yi wa takwaransa na kolum D. Na yi shekaru ina haɗa sunayen ma'aikata da na takardar albashi, kuma mafi yawan abin da ke ba mu wahala sarari ne a ƙarshen suna. Mai bugawa ya gama suna, babban yatsansa ya taɓa dogon maɓallin nan bisa sabo, shi ke nan. A ido suna ɗaya ne, a wurin na'ura ɗaya ya fi ɗaya da harafi guda.

Malama_Rabi:
Hajiya kin gano shi. Bashir Lawal nawa 12 ne, na mai kuɗi 13.

Hajiya_Turai:
To madalla. Kada ki bi su ɗaya-ɗaya kina gogewa. Ki buɗe kolum biyu na wanki. A C2 ki sa `=TRIM(A2)` ki ja ƙasa, a E2 ki sa `=TRIM(D2)` ki ja ƙasa. TRIM zai cire sararin gaba da na baya, in kuma an buga biyu a tsakanin suna da sunan mahaifi ya mayar da su ɗaya. Sai ki juya fomularki ta dubi wankakkun:

```
=ISNUMBER(MATCH(C2,$E$2:$E$188,0))
```

Dole sai kin wanke ɓangaren biyu. Mutane da yawa suna wanke nasu kawai su manta dattin yana ɗaya jerin.

Moussa_Maradi:
Sannunku da aiki. Ni na kwafi fomular Injiniya na sa a tawa na'ura ta ƙi karɓa, tana ce mini akwai kuskure. Ni ma jerin membobin ƙungiyarmu ta manoma nake son haɗawa da na waɗanda suka karɓi iri.

Injiniya_Sani:
Malam Moussa, ina zaton Excel ɗinka na Faransanci ne. A can sunan MATCH shi ne EQUIV, ISNUMBER kuma ESTNUM, sannan ba waƙafi ake raba sassan da shi ba:

```
=ESTNUM(EQUIV(A2;$D$2:$D$188;0))
```

Amsar za ta fito VRAI ko FAUX. In wani ya turo maka fayil da aka riga aka rubuta fomular a ciki, da kansa zai juya ta. Sai in kai za ka buga da hannu ne kake buƙatar waɗannan sunayen.

Moussa_Maradi:
Ta zauna, na gode ƙwarai. Amma mu namu ciwon ya fi na Malama. Mutum guda a wannan takarda Ousmane, a waccan Usman. Aboubacar nan, Abubakar can. Wanda ya yi boko da Faransanci ya rubuta nasa, wanda ya saba da rubutun Hausa ya rubuta nasa.

Malama_Rabi:
Na dawo. Bayan TRIM sun sauko daga 41 zuwa 32. Tara ke nan sarari ya ɓoye. Na ga wani abu kuma: Sa'idu, Rabi'u, Asma'u da Isma'il duk FALSE, kuma LEN ya ce tsawonsu ɗaya da na can.

Kabiru_Kwamfuta:
Malama a ina mai kuɗin ya buga nasa jerin? In a Word ne aka kwafo, to na san wannan. Word yana lanƙwasa alamar nan ta hamza da kansa, Excel kuma yana barin ta a miƙe. Ki ƙara girman rubutun ki kalli Sa'idu na nan da na can, za ki ga ɗaya kamar sanda, ɗaya kamar waƙafi a sama. In kina son tabbaci ki sa `=UNICODE(MID(E9,3,1))` a kan sunan Sa'idu, ki canza E9 da inda yake. Miƙaƙƙiya 39 ce, lanƙwasasshiya 8217. Maganinta ki canza abin da ke E2 zuwa wannan ki ja:

```
=TRIM(SUBSTITUTE(D2,UNICHAR(8217),"'"))
```

Mu da ke aiki da sunayen Hausa wannan kullum sai mun ci karo da ita. Haka ƙ da k, ɗ da d. Ɗanladi da Danladi ba suna ɗaya ba ne a wurin na'ura.

Hajiya_Turai:
Kabiru ya tuna mini wani. Akwai sararin da TRIM ba ya iya cirewa, wanda ke biyo rubutun da aka kwafo daga shafin intanet. Lambarsa 160, shi kuwa na yau da kullum 32. In kin yi TRIM kika ga LEN bai ragu ba, shi ne. Sai an musanya shi da `SUBSTITUTE(D2,CHAR(160)," ")` kafin a yi TRIM. Ban ce shi ke damun ki ba, ki dai riƙe shi a rai.

Malama_Rabi:
A Word ya buga, kuma 8217 ta fito. Huɗun nan sun gyaru, yanzu saura 28. Uku suka rage in kai 25.

Zee_Kaduna:
Ni fa ban gane wahalar nan ba. Me ya sa ba za a yi VLOOKUP ba ya kawo kuɗin da kowa ya biya a gaban sunansa?

Kabiru_Kwamfuta:
Ba adadin kuɗi take nema ba Zee, tana ciki ko ba ta ciki kawai. Kuma VLOOKUP ɗin ma duk abin da ya kayar da MATCH a nan zai kayar da shi, har mantuwar sifirin ƙarshe. Ni da ni ne ma COUNTIF zan yi, ya fi gajarta: `=COUNTIF($E$2:$E$188,C2)>0`.

Injiniya_Sani:
COUNTIF yana yi, ba musu. Ni abin da ya sa nake koya wa mutane MATCH, in amsa ta ba ka shakka sai ka cire ISNUMBER ka ga lambar, ka je daidai layin ka ga wanda aka kama. Wanda yake da Excel 2021 ko 365 kuma yana da XMATCH, shi ko ba ka sa sifiri ba daidai da daidai yake nema. Sai dai in ka tura fayil ɗin ga mai tsohon Excel ba zai yi masa aiki ba.

Dan_Fagge:
Ga dabara, a sa tauraro gaba da baya, ko da sunan bai cika ba zai kama: `MATCH("*"&C2&"*",$E$2:$E$188,0)`. Da wannan ukun nan za su fito.

Hajiya_Turai:
Ɗan Fagge, ka rufa mata asiri. Tauraron yana nufin kowane rubutu na iya zuwa kafin sunan ko bayansa. In tana neman Musa Ali, sai ya kama Musa Aliyu ya ce ya biya. In kuwa Ali kawai aka rubuta, har cikin Halima zai same shi, ka duba haruffan. A harkar kuɗi gara FALSE na ƙarya, wanda za ka bi ka duba, da TRUE na ƙarya da ba wanda zai sake waiwayarsa. Kuma ba zai haɗa Mohammed da Muhammad ba, wanda nake zaton shi ne ragowar matsalarta.

Injiniya_Sani:
Malama, kada ki bi 28 ɗin nan kina neman uku a cikinsu. Ki juya tambayar. Zuwa yanzu kina tambaya ne wane ɗan aji ne ba ya cikin masu biya. Yanzu ki tambayi wane mai biya ne ba ya cikin 'yan aji. A F2:

```
=ISNUMBER(MATCH(E2,$C$2:$C$213,0))
```

Duk wanda ya biya ai dole ɗan ajin ne, don haka duk FALSE da ya fito a nan suna ne da aka rubuta ba daidai ba. Su kaɗan ne, za ki iya binsu da ido.

Malam_Isuhu:
Ku yi haƙuri in kutsa da tawa. Ni lambobin waya nake haɗawa ba sunaye ba, na 'yan adashenmu, kuma duka FALSE suke ba ni ko ɗaya bai kama ba. Na sa sifiri na sa dala.

Kabiru_Kwamfuta:
Malam Isuhu duba ko jeri ɗaya yana da sifirin farko na lambar, ɗayan babu. In an buga lambar waya kai tsaye Excel yana ɗaukarta lamba ya yar da sifirin gaba. Wadda sifirinta ke nan kuwa a matsayin rubutu aka ajiye ta. MATCH ba ya haɗa lamba da rubutu ko da a ido iri ɗaya ne. Alama mai sauƙi, in ba a taɓa tsarin akwatin ba, lamba tana jingina dama, rubutu yana jingina hagu. Ka mayar da masu guntun zuwa rubutu mai lamba 11 da `=TEXT(A2,"00000000000")` sannan ka haɗa.

Malam_Isuhu:
Haka ne kuwa, ɗaya na dama ɗaya na hagu. Zan gwada da daddare in an kawo wuta.

Malama_Rabi:
Injiniya na yi juyin, amma biyar suka fito ba uku ba. Ɗaya Mohammed ne a wurinsa, Muhammad a wurina. Ɗaya Fatima, ni kuma Fadimatu na rubuta. Ɗaya Abdulrahman da Abdurrahman. Na huɗu an fara da sunan mahaifi, Garba Hassan maimakon Hassan Garba. Ta biyar kuwa ba 'yar ajinmu ba ce ma, 'yar aji biyu ce ta biya wani kuɗin daban aka sa ta cikin namu. Na gyara huɗun da hannu a kolum D. Yanzu FALSE 24 ne. Na wuce 25 ɗin kuma!

Abu_Khadija:
Ai kusan ɗaya ne Malama, 24 da 25. Ki miƙa musu haka.

Hajiya_Turai:
Kada ki miƙa. Ki sake lissafin. Tunda yarinyar nan ba taku ba ce, masu biyan ajinku 186 ne ba 187 ba. In an cire daga 212 saura 26. Ke kuma kina da 24. Wato akwai mutum biyu da na'ura ta ce sun biya alhali ba rasiɗin da ke tsaye a madadinsu.

Injiniya_Sani:
Hajiya ta riga ni. Malama ina kyautata zaton kina da masu suna iri ɗaya a ajin. MATCH suna yake nema, bai san mutum ba. In akwai Aisha Abubakar biyu, ɗaya ta biya, duk biyun za su je su sami wannan layin guda su dawo da TRUE. Ki sa wannan a wani kolum da ba kowa, ki ja ƙasa, ki tace waɗanda suka wuce 1:

```
=COUNTIF($C$2:$C$213,C2)
```

Ki yi irinsa a jerin masu biya ma, don wanda ya biya kashi biyu yana iya fitowa sau biyu ya ɓata miki ƙirgen.

Malama_Rabi:
Innalillahi. Aisha Abubakar biyu ne, ɗaya a ɓangaren kimiyya ɗaya a na fasaha. Musa Ibrahim ma biyu. A jerin mai kuɗi kowane sunan sau ɗaya ya fito, kuma ba wanda ya maimaitu a can. Ga biyun Hajiya ke nan, 24 da 2 sun ba da 26. Da na tsaya a 25 ɗin da nake ta nema da na yi kuskure ban sani ba.

Zee_Kaduna:
To yanzu wace Aishar ce ta biya? Akwai fomular da za ta faɗa?

Injiniya_Sani:
Babu, tunda bayanin ba ya cikin takardar. Abin da ba a rubuta ba fomula ba za ta ƙirƙiro shi ba. Shi ya sa a irin wannan aikin lambar shiga makaranta ta fi suna. Da mai karɓar kuɗi yana rubuta ta a gefen kowane suna, da kan lambar za a yi MATCH, ba ruwan kowa da Mohammed ko Muhammad, ba ruwan kowa da hamza. In lambar ba ta samu ba, a haɗa suna da ɓangaren aji a kolum ɗin wanki, kamar `=TRIM(A2)&"|"&G2` in ɓangaren yana G, a yi haka a jerin biyu. Amma sai in shi ma ya rubuta ɓangaren.

Kabiru_Kwamfuta:
Lambar ma ba ta tsira ba Injiniya. Ka ga abin da ya sami Malam Isuhu. In ta fara da sifiri, ko wani ya sa mata karan tsaye wani ya sa na kwance, an koma gidan jiya. Ni na fi yarda a ba mai kuɗin rajistar ajin a fayil, ya riƙa zaɓar suna daga ciki maimakon ya buga da hannunsa.

Hajiya_Turai:
In zai yarda ya bar Word ɗinsa ba. Na sha fama da irinsu, mutum ya saba da abu shekara ashirin.

Moussa_Maradi:
Mu manomanmu ba su da wata lamba ta ƙungiya, ga Ousmane da Usman. Na fara wani ɗan jeri a gefe, kowane suna da rubutunsa guda da muka amince da shi, ina gyara sauran a kansa. Aiki ne, amma ban ga wata hanya ba. In akwai wanda ya san wadda ta fi, ina saurare.

Malama_Rabi:
Na je ofishin mai kuɗin da safen nan. Kwafin rasiɗin Musa Ibrahim yana da ɓangare a rubuce, na kimiyya ne ya biya. Na Aisha kuwa suna kawai da kwanan wata. Na cire Aisha biyun daga jerin waɗanda za a kira iyayensu, zan tambaye su da kaina gobe kowacce ta kawo rasiɗinta. Injiniya wata tambaya kuma, an ƙaro mutum shida da suka biya yau, na rubuta su a ƙasan D188. Sai na canza 188 ɗin nan a fomular ko?

Injiniya_Sani:
E, ki ja fomular E ƙasa ta rufe su, sannan ki mayar da $E$188 ya zama $E$194, ko ki sa $E$400 gaba ɗaya ki huta da canzawa kullum. In kin canza a B2 kada ki manta ki sake ja har B213. Kolum F ma ki ja shi kan sababbin shidan, a ga ko an rubuta sunayensu daidai.